Tsakure: Yadda Ake Dunƙule Bincike Cikin Kalma 250

Duk wanda ya taɓa neman muƙalar ilimi a PubMed, ko Google Scholar, ko shafin African Journals Online, ya san abin da yake fara fitowa: take, sunayen marubuta, sai wani ɗan sakin layi a ƙasa. Wannan sakin layi shi ne tsakure. Sau da yawa cikakkiyar muƙalar tana bayan biyan kuɗi, ko mai karatu ba shi da lokacin shafi goma sha biyar, don haka a tsakuren yake tsayawa. Likita a asibiti, ɗalibi mai haɗa bitar ayyukan da suka gabata, ɗan jarida mai neman labari, da editan da zai yanke shawarar tura muƙala ga masu tantancewa, duk da shi suke fara yin hukunci.

Saboda haka tsakure ba gabatarwa ba ne, ba kuma alkawarin abin da za a tarar a ciki ba ne. Muƙalar ce kanta a dunƙule. Kamar ɗiban hannu ɗaya ne da mai sayen hatsi yake yi daga buhu a kasuwar Dawanau: abin da ke hannun dole ya zama shi ne a buhun. Aikinsa ya amsa tambayoyi huɗu. Me aka nema? Yaya aka nema? Me aka samu? Me hakan yake nufi?

Daga ina 250 ta fito?

Adadin ba wata doka ba ce ta duniya, amma yana da tarihi. Rumbun MEDLINE na ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka ya daɗe yana yanke duk tsakuren da ya zarce iyaka. Har yau, wanda ya buɗe tsofaffin muƙalu a PubMed zai iya cin karo da tsakuren da ya tsaya a tsakiyar magana, an rufe shi da rubutun ABSTRACT TRUNCATED AT 250 WORDS. Abin da yankan yake ci shi ne ƙarshen tsakure, wato daidai inda marubuci ya ajiye ma'anar bincikensa. An daina wannan yanka, amma adadin ya zauna. Mujallar New England Journal of Medicine tana neman kalma 250, jagoran salon rubutu na APA bugu na 7 shi ma nan ya sa iyaka, The Lancet da PLOS ONE kuma sun kai 300. Matakin farko ke nan: a buɗe ƙa'idojin mujallar da za a aika wa, a ga adadin da take so.

Raba tsakure zuwa sassa masu kanu ya samu gindin zama ne daga 1987, lokacin da wani rukunin masana ya ba da shawarar hakan a mujallar Annals of Internal Medicine, domin likita ya iya gano abin da yake nema cikin hanzari. Mujallun harshe da adabi da tarihi galibi sakin layi ɗaya suke so, babu kanu. Ko da kanu ko babu, tambayoyin huɗu suna nan, kuma a jere suke zuwa.

Kafin a rubuta komai, a raba kalmomin. Kasafi mai kyau shi ne kimanin 40 ga manufa, 70 ga hanya, 100 ga sakamako, 40 ga ma'ana. Sakamako ne yake cin kaso mafi tsoka, domin shi ne abin da mai karatu ba zai samu a wani wuri ba. Tsakuren da ya lalace galibi a nan ya fara: marubuci ya kashe kalma ɗari da hamsin yana ba da tarihin matsala, ya zo ga abin da ya gano babu sauran wuri.

Misalin da za mu bi

A 2018 New England Journal of Medicine ta buga sakamakon wani gwaji mai suna MORDOR, wanda masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Firansisko suka jagoranta tare da abokan aiki a Malawi da Nijar da Tanzaniya. A Nijar an yi shi ne a yankunan Boboye da Loga na jihar Doso. Tambayar ita ce ko raba wa ƙananan yara maganin kashe ƙwayoyin cuta na azitiromaisin zai rage mutuwarsu. Za mu ɗauki alƙaluman wannan bincike mu gina masa sabon tsakure da Hausa, sashe bayan sashe.

Manufa: jimla biyu sun isa

Jimlar farko ta faɗi abin da aka riga aka sani da giɓin da ya rage. Ta biyu ta faɗi tambayar. Ga namu:

"Rabon maganin azitiromaisin ga jama'a domin yaƙi da ciwon ido na tarakoma ya nuna alamar rage mutuwar yara a Habasha. Wannan bincike ya gwada ko ba wa ƙananan yara maganin sau biyu a shekara zai rage mutuwarsu a Afirka kudu da Sahara."

Kalma 42 ke nan. A lura da abin da aka bari. Ba a ce mutuwar yara babbar matsala ce a duniya ba, domin babu mai karanta mujallar likitanci da yake buƙatar a gaya masa haka. An fara ne daga dalilin da ya sa wani zai yi tunanin maganin ido yana hana mutuwa.

Hanyar gane manufa mai kyau ita ce a mayar da ita tambaya a ga ko sakamako zai iya amsa ta. "Shin maganin zai rage mutuwa?" tana da amsa. Amma "wannan muƙala ta yi ƙoƙarin yin tsokaci a kan lafiyar yara" ba ta tambayi komai ba, don haka duk abin da ya biyo baya ba shi da abin da zai jingina da shi. Aikatau irin su gwada, auna, kwatanta, da ƙidaya suna ɗaure marubuci. Irin su yin tsokaci, leƙa, da taɓo suna ba shi hanyar zillewa.

Hanya: wa, ina, nawa, da me

Mai karatu ba ya son sanin duk abin da aka yi a fili. Yana son abin da zai sa ya yarda da sakamakon ko ya yi shakka. Abubuwa biyar ne: tsarin binciken, wurin da aka yi shi, waɗanda aka yi a kansu da yawansu, abin da aka yi musu, da ma'aunin da aka yi hukunci da shi.

"An raba garuruwa 1,533 na Malawi da Nijar da Tanzaniya rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a. A rukuni ɗaya an ba wa yara 'yan wata 1 zuwa 59 azitiromaisin, kimanin miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro. A ɗayan an ba su maganin kwaikwayo mara sinadari. An yi rabon sau huɗu, duk bayan wata shida, tare da ƙidayar gida-gida. Babban abin aunawa shi ne mutuwa daga kowane irin dalili."

Kalma 69. Kowace jimla tana toshe wata kafar shakka. Ƙuri'a ta nuna ba masu binciken ne suka zaɓi garuruwan da suka fi tsabta ko suka fi kusa da asibiti suka ba su magani ba. An kuma faɗa a fili cewa garuruwa aka raba, ba yara ɗaiɗai ba, kuma wannan ya shafi yadda za a yi lissafi daga baya. Maganin kwaikwayo ya samar da rukunin da za a kwatanta da shi. Ƙidayar gida-gida ta bayyana yadda aka san yaro yana raye ko ya rasu, a yankunan da yawancin mace-mace ba sa shiga rajistar asibiti.

Jimlar ƙarshe ita ce mafi nauyi. Bincike yakan auna abubuwa da yawa, amma ɗaya ne aka ayyana tun farko a matsayin babban ma'auni. Idan tsakure bai faɗe shi ba, marubuci zai iya ɗauko duk wanda ya fi kyau daga baya ya sa a gaba. Shi ya sa jagoran CONSORT na tsakuren gwaje-gwajen magani, wanda ya fito a 2008, ya sa bayyana babban ma'auni cikin abubuwan da ba a tsallakewa.

Abin da ba ya shiga nan: sunan manhajar lissafi, lambar takardar izinin kwamitin ɗa'a, da bayanin yadda aka horar da ma'aikata. Wurinsu cikin muƙala.

Sakamako: lambobi, har da waɗanda ba su yi daɗi ba

"An ƙidaya yara 190,238 a farkon bincike, kuma rabon ya kai ga kimanin kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka nufa. A kowace shekara, yara 14.6 cikin 1,000 suka mutu a garuruwan azitiromaisin, 16.5 a garuruwan kwaikwayo. Lissafi gari-gari ya nuna raguwar kashi 13.5 cikin 100 (tazarar tabbaci ta kashi 95: 6.7 zuwa 19.8). A Nijar raguwar ta kai kashi 18.1 (10.0 zuwa 25.5). A Malawi kashi 5.7 ce, a Tanzaniya 3.4, amma a ƙasashen biyu tazarar ta haɗa da sifiri. Jarirai 'yan wata 1 zuwa 5 suka fi amfana, da raguwar kashi 24.9 (10.6 zuwa 37.0)."

Kalma 97. Jerin da aka bi yana da dalili: yawan mutanen da aka yi nazari a kansu, sai amsar babbar tambaya, sannan rassa.

Abu na farko da ya kamata a lura shi ne an kawo lambobin rukunin biyu kafin a kawo kashi. Da an ce kawai mutuwa ta ragu da kashi 13.5, mai karatu ba zai san girman abin ba. Da ya ga 16.5 da 14.6, ya san ana maganar kusan yara biyu cikin kowane dubu a shekara. Lambar ƙarama ce a ido, amma idan aka ninka ta da miliyoyin yara, rayuka ne masu yawa. Duka fuskokin biyu haƙƙin mai karatu ne.

Na biyu shi ne lambobin da ke cikin baka. Kowane bincike wani yanki yake ɗauka daga jama'a, don haka lambar da ya samu kimantawa ce. Tazarar tabbaci tana nuna iyakar ƙasa da iyakar sama da alƙaluman suka yarda da su. A Nijar iyakar ƙasa kashi 10 ce, wato ko a mafi ƙarancin ƙiyasi an samu raguwa. A Malawi tazarar ta tashi daga ƙasa da sifiri, debe 9.7, zuwa 18.9. A Tanzaniya daga debe 21.2 zuwa 23.0. Ma'ana, idan aka dubi kowace ɗaya ita kaɗai, alƙaluman ba su kore yiwuwar cewa maganin bai yi komai ba. Marubucin da ya ambaci Nijar ya yi shiru a kan sauran biyu bai rubuta lambar ƙarya ko ɗaya ba, amma ya yaudari mai karatu.

Na uku ƙaramin abu ne da mai kaifin ido zai kama. Idan aka debe 14.6 daga 16.5 aka raba da 16.5, abin da ke fitowa kimanin kashi 11.5 ne, ba 13.5 ba. Ba kuskure ba ne. Lambar 13.5 ta fito daga tsarin lissafi da ya ɗauki kowane gari a matsayin awo guda, maimakon tara mace-macen duka a raba da yawan yara. Kalmomin "lissafi gari-gari" suna nan ne domin su sanar da mai karatu hakan. Duk inda lambobi biyu a tsakure ba za su hau juna da lissafin kai tsaye ba, a kashe kalma biyu ko uku a faɗi dalili.

Jimlolin da suke kashe wannan sashe sanannu ne: "an samu sakamako mai gamsarwa", "an gano bambanci mai muhimmanci", "an tattauna sakamakon a ƙarshen muƙala". Duk ɗayansu ba ta faɗi abin da aka samu ba. Bambanci nawa, tsakanin wa da wa, ta wane ɓangare?

Ma'ana: kada a wuce inda lambobi suka tsaya

"Rabon azitiromaisin sau biyu a shekara ya rage mutuwar ƙananan yara a garuruwan da aka gwada, musamman a Nijar, inda mutuwar yara ta fi yawa. Kafin a mayar da shi tsarin gwamnati, dole a auna haɗarin ƙwayoyin cuta su daina jin magani."

Kalma 42, kuma tsakuren ya cika 250. Jimlar farko ta amsa tambayar da manufa ta yi, da kalmomi kusan iri ɗaya. Wannan gwaji ne mai sauƙi: a karanta manufa da ma'ana a jere, a tsallake tsakiya, a ga ko tambaya da amsa ne. Jimla ta biyu ta kawo iyaka ɗaya tak, wadda ta fi kowace nauyi.

An yi amfani da "ya rage" ne domin gwajin ƙuri'a ne mai rukunin kwatanci. Da binciken duba ne kawai, inda aka lura cewa garuruwan da suka sha magani suna da ƙarancin mutuwa, iyakar abin da za a ce shi ne "yana da alaƙa da". Tsarin bincike ne yake ba da izinin aikatau, ba sha'awar marubuci ba.

A kwatanta da rufewa irin wannan: "Ya kamata a raba wa dukkan yaran Afirka azitiromaisin." Ta fi jan hankali, amma alƙaluman Malawi da Tanzaniya ba su ɗauke ta ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora wanda bai amince da rabon bai-ɗaya ba. Ta ce a duba yiwuwarsa ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 a yankunan Afirka kudu da Sahara da mutuwar yara ta yi yawa, tare da sa ido a kan bijirewar ƙwayoyin cuta. Rufewa mai taka-tsantsan ita ta dace da inda maganar ta nufa.

Zarce iyaka a wannan sashe ba baƙon abu ba ne. A 2010 Isabelle Boutron da abokan aikinta sun buga a mujallar JAMA nazarin gwaje-gwaje 72 waɗanda babban ma'auninsu bai nuna bambanci ba. A kusan kashi 58 cikin 100, an karkata rufewar tsakuren ta yadda maganin zai yi kama da mai amfani. Alamar gane irin wannan ita ce rufewa ta bar babban ma'auni ta koma kan wani ƙaramin rukuni ko wani awo na gefe.

Idan bincike ba na lambobi ba ne

Mai rubutu a kan karin magana, ko tarihin masarauta, ko nahawun wani karin harshe, tambayoyin nan huɗu ne a gabansa. A hanya zai faɗi matani nawa ya nazarta, daga ina ya tattara su, mutum nawa ya yi hira da su, kuma a kan wane ra'i ya ɗora aikin. A sakamako zai faɗi abin da ya gano da sunansa. Idan ya raba jigogi gida huɗu, ya lissafa su huɗun, ya ce wanne ya fi yawa. "An fito da jigogi daban-daban" ba sakamako ba ne, kamar yadda "an samu raguwa" ba sakamako ba ne a binciken magani.

Dubawa kafin aikawa

A rubuta tsakure bayan an gama muƙala, kuma a sake duba shi duk lokacin da muƙalar ta canza. A 1999 Roy Pitkin da abokan aikinsa sun duba muƙalu 44 daga kowace ɗaya cikin manyan mujallun likitanci shida. Sun tarar cewa tsakanin kashi 18 zuwa 68 cikin 100 na tsakuren, gwargwadon mujalla, suna ɗauke da bayanin da ya saɓa wa muƙalar ko wanda babu shi a cikinta sam. Hanya ɗaya da hakan ke faruwa ita ce masu tantancewa su sa a sake lissafi, a gyara jadawali, a manta da tsakuren da aka rubuta tun farko. Maganinsa a ɗauki biro a bi kowace lamba a tsakure, a nemo ta a jadawalin muƙala, a sa alama.

Idan zubin farko ya kai kalma 350, a fara yanka daga shimfiɗa, sannan jimlolin da suke bayyana muƙala maimakon bincike, irin su "wannan muƙala ta ƙunshi sassa biyar". A cire madogara, da ishara zuwa jadawali ko hoto, da gajerun haruffan da aka yi amfani da su sau ɗaya, domin tsakure yakan yi yawo shi kaɗai ba tare da muƙalar ba. Sakamako ne na ƙarshe da za a taɓa. A tabbatar kuma sunan abu, da wuri, da rukunin mutane sun fito a sarari a tsakure da fitilun kalmomi, domin da su injin nema yake kamo muƙala. Wanda ya nemi azitiromaisin da Nijar da mutuwar yara dole ya tarar da ukun.

Gwaji na ƙarshe shi ne a ba wa abokin aiki daga wani sashe tsakuren kaɗai, ya karanta sau ɗaya, a karɓe takardar, a yi masa tambayoyin huɗu. Duk wadda ya kasa amsawa, sashenta ne yake buƙatar gyara. Idan kuma ya amsa da abin da ya fi ƙarfin abin da binciken ya gano, jimlar ma'ana ce ta yi zuzutawa, sai a sassauta ta kafin edita ya gani.